Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Editoci da Shugabannin Sashen Labarai na Kafafen Hausa Kan Yadda Ake Ba da Rahoton Ƙuri'ar Jin Ra'ayi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku editoci da shugabannin ɗakunan labarai na jaridu da gidajen rediyo da talabijin masu aiki da harshen Hausa, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a matsayina na malamin ƙididdiga wanda yake sauraron labaranku kullum. Maganata a kan abu ɗaya ce, wato yadda ake karanta wa jama'a sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayi. Sau da yawa akan ji mai karanta labarai ya ce wane yana da kashi 44 cikin ɗari, wane kuma yana da kashi 41, daga nan sai a yanke hukunci cewa na farko ya sha gaban na biyu. Alƙaluman na iya zama daidai yadda masu binciken suka fitar da su, amma hukuncin da aka ɗora a kansu ya fi ƙarfinsu. Mai sauraro a kasuwa ko a gona ba shi da rahoton binciken a hannunsa, ku kaɗai ne kuke da shi, saboda haka nauyin bambance abin da alƙaluman suka ce da abin da ba su ce ba yana wuyanku.

Bari in fara da inda tazarar kuskure take fitowa, wato makin da rahoton bincike yake cewa lambarsa tana iya kaucewa sama ko ƙasa da gaskiya. Mai bincike ba ya tambayar kowa da kowa. Yakan zaɓi mutum dubu ɗaya ko biyu daga cikin miliyoyi, ta hanyar da za ta ba kowane mutum damar a faɗa kansa, sannan ya ɗauki amsarsu a matsayin madubin ra'ayin sauran. Da zai sake zaɓen wasu mutum dubu a rana guda, ta hanya guda, da tambaya guda, ba zai sami lamba ɗaya da ta farko ba. Wannan karon 44, wancan karon 42, wani karon 46, ba don ra'ayin jama'a ya sauya ba, sai don sa'ar waɗanda aka faɗa kansu ta bambanta. Tazarar kuskure ita ce ma'aunin wannan lilo na sa'a, kuma shi kaɗai take aunawa.

Lissafinta ba ya buƙatar kwamfuta. Idan n shi ne yawan waɗanda suka amsa, to tazarar ta kusa `1 ÷ √n`, wato a nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da yawan mutanen, sai a raba ɗaya da ita. Ga mutum 100, lambar ita ce 10, ɗaya bisa goma kuwa kashi 10 cikin ɗari ne, wato tazarar maki 10 sama ko ƙasa. Ga mutum 400 maki 5 ne, ga mutum 1,000 maki 3 da ɗan ɗoriya, ga mutum 1,600 maki 2 da rabi. Shi ya sa cibiyar Afrobarometer, wadda take tambayar mutum 1,600 ido da ido a bincikenta na Najeriya, take rubuta tazarar maki 2.5 a rahotanninta. Ku lura da yadda ribar take raguwa, domin kafin a rage tazarar da rabi sai an ninka yawan mutanen sau huɗu, kuma wanda yake son ta sauko zuwa maki 1 sai ya tambayi mutum 10,000.

Na san tambayar da take zuwa bayan wannan, domin ita ce ake yawan bugo waya a yi muku: ta yaya mutum dubu za su wakilci ƙasar da take da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93? Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya san amsar. Yakan soka buhu ya zaro ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, ya murza ya duba, ya san ingancin masarar, kuma ba ya buƙatar ƙarin ɗiba don buhun ya fi girma. Abin da yake tsoro shi ne algus, wato a zuba mai kyau a sama a ɓoye mai ƙwari a ƙasa, shi ya sa yake soka gindin buhun da tsakiyarsa. Haka lissafin yake. Yawan al'ummar ƙasa bai ma shiga cikinsa ba, muddin ta ninka samfurin, wato mutanen da aka zaɓo aka tambaya, nesa ba kusa ba. Abin da yake da tasiri shi ne yawan waɗanda aka tambaya da kuma yadda aka zaɓo su.

Akwai sharaɗi a jikin tazarar wanda ba a cika faɗa ba. Idan aka ce kashi 44 da tazarar maki 3, ana nufin ana sa ran ainihin lambar tana tsakanin 41 da 47, amma ba tabbas ba ne. Al'adar masu ƙididdiga ita ce su yi aiki da amincewar kashi 95 cikin ɗari, ma'ana idan aka maimaita irin wannan bincike sau ɗari, kusan 95 daga cikinsu za su kama gaskiya a cikin iyakar da suka shata, kusan biyar kuma za su kuskure ta. Ke nan ko da kowane kamfani ya yi aikinsa babu aibi, bincike ɗaya cikin ashirin zai fito da lambar da ta kauce fiye da tazararsa. Abin takaici, wannan ɗin da ya kauce shi ne ya fi kama da labari mai zafi, shi ne kuma yake samun babban kanu.

Yanzu mu koma kan misalin 44 da 41, mu bi shi daki-daki, domin a nan ne kuskuren da ya fi yawa yake. A ce mutum 1,000 aka tambaya, 440 suka zaɓi ɗan takara na farko, 410 suka zaɓi na biyu, sauran 150 suka rarrabu tsakanin wasu 'yan takara da marasa matsaya. Bambancin duka mutum 30 ne. Ɗan jarida yakan duba ya ga ratar maki 3 ce, tazarar kuskure ma maki 3, sai ya ɗauka an tsallake siraɗi da kyar. Ba a tsallake ba. Tazarar maki 3 ta lambar mutum ɗaya ce, ba ta ratar da ke tsakanin mutum biyu ba. Idan sa'a ta sa samfurin ya ƙunshi magoya bayan na farko fiye da kima, to kujerun da suka cike galibi na magoya bayan na biyu ne, don haka lamba ɗaya tana hawa a daidai lokacin da ɗayar take sauka. Saboda wannan, idan 'yan takara biyu ne suka kwashe mafi yawan amsoshi, tazarar ratar takan kusa ninki biyu. A wannan misali, cikakken lissafi yana ba da maki 5.7.

Abin da binciken ya halatta a faɗa ke nan shi ne, na farko yana iya kasancewa gaba da maki 8 da wani abu, yana kuma iya kasancewa baya da kusan maki 3. In ma a haƙiƙa kunnen doki suke, bincike mai mutum 1,000 zai nuna ɗayansu gaba da maki 3 ko fiye kusan sau uku cikin goma. Kanun da ya ce wane ya yi wa wane fintinkau ba shi da madogara a nan. Sai dai ina roƙonku kada ku faɗa ɗaya ramin, na cewa binciken ya nuna sun yi kunnen doki, domin shi ma bai nuna haka ba. Alƙaluman sun ɗan rinjaya wajen na farko, kuma in dole ne mutum ya yi hasashe, wajensa zai karkata. Jimlar da ta dace ita ce: na farko ya sami kashi 44, na biyu 41, ratar kuma ba ta kai girman da za a tabbatar da wanda ke gaba ba. Ba ta fi daƙiƙa goma a bakin mai karanta labarai ba.

Irin wannan tarko yana nan idan ana kwatanta bincike biyu. A ce a watan jiya kashi 52 suka ce sun gamsu da aikin wani gwamna, a wannan watan kuma 49, kowane bincike da mutum 1,000. Kowace lamba tana da nata lilon, kuma idan aka haɗa su tazarar bambancin takan zama kusan maki 4.4. Saukar maki 3 ba ta kai nan ba, don haka babu hujjar gayyato masu sharhi su kwashe rabin sa'a suna bayanin dalilin da ya sa farin jinin gwamna ya zube. Wataƙila ya zube, wataƙila bai motsa ba. Idan bincike uku ko huɗu a jere suka nuna sauka, to a nan labari ya samu.

Wurin da ya fi shafar masu sauraronku shi ne rabe-raben shiyya. Tazarar da ake bugawa a saman rahoto ta dukkan samfurin ce, amma mai sauraro a Katsina ko Gusau ya fi son ya ji abin da Arewa maso Yamma ta ce. Wannan shiyya tana da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajistar zaɓen Najeriya, don haka a samfurin mutum 1,000 rabonta bai wuce mutum 250 ba, tazararta kuma ta haura maki 6, ta rata tsakanin 'yan takara biyu kuwa tana iya kai 12. Idan aka gangaro zuwa jiha guda, inda watakila mutum 40 aka tambaya, tazarar ta kai maki 15 ko 16. Wanda ya ce kashi 55 na mutanen wata jiha suna goyon bayan wane, alhali mutum 40 ya tambaya, yana magana ne a kan mutum 22, kuma da uku daga cikinsu sun ba da wata amsa da rinjayen ya koma ɗaya ɓangaren. Duk lokacin da kuka ga teburin jihohi ko na mata da maza ko na matasa da dattawa, ku nemi yawan mutanen kowane layi kafin ku karanta kasonsa, in ba a rubuta ba ku tambayi kamfanin.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan ƙaramin kuskure ne, wanda ake iya lissafawa. Babban yana wajen tazarar gaba ɗaya, kuma zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ya ba mu misalin da ya kamata a riƙa koyarwa a kowane ɗakin labarai. A watan Satumba na 2022, gidauniyar ANAP ta fitar da sakamakon binciken da kamfanin NOI Polls ya yi mata. Peter Obi ya sami kashi 21, Bola Tinubu da Atiku Abubakar kowanne 13, Rabi'u Musa Kwankwaso 3. Ratar maki 8 ce, kuma ko da mutum 1,000 kaɗai aka tambaya, tazarar ratar a irin waɗannan ƙananan kaso ba ta kai maki 4 ba. Ta fuskar sa'ar samfuri, Obi yana gaba a cikin waɗanda suka bayyana zaɓinsu, wannan ba abin musu ba ne.

Amma a cikin wannan rahoton akwai lambobi biyu da suka fi na kowane ɗan takara girma ko suka yi kusa da su. Kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 15 kuma sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa. Jimilla kashi 47, kusan rabin waɗanda aka tambaya, sun ninka kason wanda ke kan gaba fiye da sau biyu. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba, sun buga shi, a hanyar zuwa kanun labarai da shafukan sada zumunta ne ya ɓace. Wasu ma sukan cire waɗannan mutane su sake raba kason a kan ragowar 53, sai 21 ta koma kusan 40, 13 kuma ta koma kusan 25. Wannan lissafi yana ɗauka cewa masu shirun za su rarrabu daidai yadda masu maganar suka rarrabu, alhali babu abin da ya tabbatar da haka. Wanda ya ƙi gaya wa baƙon murya zaɓinsa yana da dalili, kuma dalilin yana iya fin yawa a wajen magoya bayan wani ɗan takara ko mutanen wani yanki.

A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, alƙaluman da INEC ta bayyana sun ba Tinubu kusan kashi 37, Atiku 29, Obi 25, Kwankwaso 6, kuma waɗanda suka fito ba su wuce kusan kashi 27 na masu rajista ba. An ƙalubalanci sakamakon har zuwa Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da shi a watan Oktoba na shekarar. Ba shari'ar zaɓen nake son sakewa ba. Abin da nake cewa shi ne, binciken da aka yi wata biyar kafin zaɓe, wanda kusan rabin mutanensa ba su bayyana zaɓinsu ba, a ƙasar da kusan mutum uku cikin huɗu na masu rajista suka zauna a gida, ba zai iya zama hujjar cewa an yi maguɗi ba, ba zai kuma iya zama hujjar cewa ba a yi ba. Haka kuma saɓaninsa da sakamakon bai isa a kira masu binciken maƙaryata ba. Abin da ya nuna shi ne yanayin waɗanda aka samu, suka yarda su yi magana, a wancan watan. Tazarar kuskure ba ta san wanda zai canza ra'ayi ba, ba ta san wanda zai kasa karɓar katinsa ba, ba ta san wanda rashin takardun kuɗi na wancan lokacin zai hana tafiya garinsu ya jefa ƙuri'a ba.

Ba ta kuma san wanda ba a samu ba tun farko. Binciken waya ba ya kaiwa ga wanda ba shi da waya, ko wanda ƙauyensu babu sabis, ko matar da wayar gidan take aljihun maigida, ko wanda ba ya ɗaga baƙuwar lamba don tsoron 'yan damfara. Idan ra'ayin waɗannan ya bambanta da na waɗanda aka samu, ƙara yawan kiran ba zai gyara komai ba, sai dai ya ƙara wa kuskuren kwarjini. Kamfanoni masu kyau sukan yi gyara ta hanyar ƙara wa amsar rukunin da ya yi ƙaranci nauyi, misali matan karkara, kuma gyara ne mai amfani, amma yana faɗaɗa tazarar gaskiya fiye da wadda `1 ÷ √n` take bayarwa. Haka ma idan aka tambayi mutane da yawa a unguwa ɗaya, domin maƙwabta sukan yi kama da juna a ra'ayi. Ga kuma yadda aka tsara tambayar, da harshen da aka yi ta, da wanda mai amsawa yake zaton ya aiko mai tambayar. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya kwatanta bincike sama da 4,000 na zaɓukan Amurka da sakamakonsu na zahiri, ya gano cewa kuskuren gaba ɗaya ya kusa ninka abin da tazarar da aka buga take nunawa. Wannan a ƙasar da ta daɗe tana wannan sana'a ke nan. A ra'ayina, editan da ya ninka tazarar da aka ba shi sau biyu a zuciyarsa kafin ya rubuta kanu bai yi tsanani ba.

Saura nau'in da ku da kanku kuke gudanarwa, wato ƙuri'ar da ake buɗewa a shafin Facebook ko X, da kiran waya a shirye-shiryen kai tsaye. Waɗannan ba su da tazarar kuskure ko kaɗan, ba don sun tsira daga kuskure ba, sai don lissafin ba ya aiki a inda mutane suka zaɓi kansu da kansu. Mai kati a waya da lokaci da zafin rai shi ne yake kira, kuma ƙungiyar magoya baya tana iya tura mutanenta su cika akwatin cikin sa'a guda. Yawa ba ya maganin wannan. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta yi hasashen Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe zaɓen da kusan kashi 61. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su sun fito ne galibi daga kundin masu waya da masu mota da masu sayenta, waɗanda suka ɗauki wahalar maido da takardar kuma ba su yi kama da waɗanda suka yar da ita ba. Ba na cewa ku daina shirin kiran waya, yana da daɗin ji kuma yana fito da muryoyin da ba a saba ji ba. Ku dai kira shi ra'ayin waɗanda suka kira, kada ku ce ra'ayin Kanawa ne ko na 'yan Arewa.

Roƙona a aikace shi ne ku sanya doka a ɗakunan labaranku cewa ba za a karanta sakamakon wani bincike ba sai wakili ya samo wanda ya yi shi da wanda ya biya kuɗinsa, da kwanakin da aka yi shi, da yawan waɗanda suka amsa, da hanyar da aka bi aka same su, da ainihin lafazin tambayar. Idan kamfani ko ofishin yaƙin neman zaɓe ya ƙi bayar da waɗannan, to takardarsa sanarwar siyasa ce, a ɗauke ta a haka. Idan an samu, a faɗi kason marasa matsaya da na waɗanda suka ƙi amsawa a cikin jimlar da aka faɗi kason 'yan takara, ba a ƙarshen rahoto ba, kuma a bar kalmar "yana kan gaba" sai ratar ta wuce ninki biyu na tazarar da aka buga. Inda rahoton ya shafi shiyya ko jiha, a ambaci yawan mutanen da aka tambaya a can da bakin mai karanta labarai, ko da 40 ne.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin ƙididdiga mai sauraronku